Kujerar Makka: Adashin Naira, Bashin Dala

Maniyyacin da ke biyan kuɗin kujera kaɗan-kaɗan yakan ɗauka cewa kowane zubi ya rage masa wani yanki na tafiyar. Ba kullum haka lissafin yake ba. Da naira yake zubi, amma masauki a Makka da Madina, da tantunan Mina da Arfa, da mafi yawan kuɗin jirgi, duk da dala ko riyal ake biyansu. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace dala ɗaya, saboda haka duk rawar da farashi ke yi daga naira take fitowa.

Tambayar da ta fi komai nauyi ita ce: wace rana aka mayar da zubin dala?

A ɗauki misalin malamin makaranta da kujerarsa ta kama dala 6,000. Ranar da ya yi rajista dala tana naira 900, wato kujerar tana miliyan 5.4, sai ya zuba miliyan 1.8. Da dala ta kai 1,200 ya ƙara miliyan 2.4. Ranar cikon ƙarshe dala ta kai 1,500.

Idan ana canza kowane zubi a ranar da ya shiga, zubin farko ya sayi dala 2,000, na biyu ma haka. Saura dala 2,000, wato naira miliyan 3, jimla miliyan 7.2. Idan kuwa kuɗin sun kwanta a asusu a matsayin naira har ƙarshe, kujerar gaba ɗaya za a yi mata kuɗi kan 1,500, ta zama miliyan 9. An karɓi 4.2, saura 4.8. Kujera ɗaya, zubi iri ɗaya, amma tazarar miliyan 1.8, daidai da zubinsa na farko.

Maniyyatan Najeriya sun ɗanɗani irin wannan a Hajjin 2024. Bayan an sanar da kuɗin kujera ƙasa da miliyan 5, naira ta faɗi kafin a kammala tura kuɗi Saudiyya, kuma a watan Maris Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nemi waɗanda suka riga suka biya su ciko kimanin miliyan 1.9 kowannensu.

Rasit ne ke nuna inda mutum ya tsaya. Wanda ya ambaci naira kaɗai shaidar ajiya ce kawai. Wanda ya rubuta farashin canji da adadin dalar da aka saya shi ne ya rage bashi. Sai dai canjin wuri ba kullum yake riba ba: in naira ta farfaɗo, mai ajiyar naira ne zai biya ƙasa. Abin da canjin wuri ke saya wa maniyyaci shi ne tabbas, ya san ragowar da ke kansa tun kafin a buga wa'adin ƙarshe, lokacin da rashin ciko ke nufin rasa kujera.