“Tunda kana gida...”: yadda muke raba lokacin aiki da na iyali a Damagaram



Yau zancenmu a kan masu neman abinci daga cikin ɗaki ne. Muna da yawa yanzu: masu fassara takardu daga Faransanci zuwa Hausa, masu ɗaukar muryar talla da sanarwa, masu buga wa ɗaliban Jami'ar André Salifou kundin kammala karatu, da masu ciniki ta waya. Dukanmu mun san wata magana da ke iya cinye mana yini guda: “Tunda kana gida, ɗan leƙa mini kasuwa.”

Mai faɗin haka ba mugunta yake nufi ba. A garin nan ana gane ma'aikaci da fitarsa. Wanda ya sa tufafi ya hau babur ya nufi biro da ƙarfe takwas, ba mai aikensa sayen icce, domin ba ya nan. Wanda kuwa aka gani zaune da jallabiya, waya a hannu, abin saurare a kunne, idon Hajiya ba ya bambanta shi da mai hutawa.

Amma aiki a gida ba baƙon abu ba ne wurinmu. Ku dubi tsofaffin gidajen Birni. Baduku yana ɗinkin fata a zaure, tela yana zaure, malam yana rubutu a zaure. Gida ɗaya ne, sai dai tsakanin zaure da tsakar gida akwai ƙofa, kuma ko ƙaramin yaro ya san wanda ya zauna can ya fita ke nan. Mu mun shigo da sana'a har ƙuryar ɗaki, mun baro zauren a baya. Ga kuma wani bambanci. Baduku yana iya ɗinki yana amsa gaisuwa, mai yin alkaki tana iya murzawa tana hira, domin aikin hannu ne. Namu na kunne ne da na kai. In aka katse shi, ba a nan ake ci gaba ba, sai an koma baya.

Ga misali daga aikin da muka fi sani. A ce wata ƙungiya ta ba mu shirin minti 15 kan adana wake, rubuce da Faransanci, mu mayar da shi Hausa, mu ɗauki murya, mu gyara, a kan jika 30. Fassara tana cin kamar awa 3. Ɗaukar murya awa 1, domin ana maimaitawa. Yanka da haɗawa a na'ura awa 2. Awa 6 ke nan, wato kowace awa jika 5.

Waɗannan awoyi shida ba halinsu ɗaya ba. Yanka da haɗawa yana jure hayaniya: yaro ya shigo, ka amsa masa, ka koma inda ka tsaya. Fassara tana jurewa kaɗan, sai dai duk katsewa tana sa ka sake karanta sakin layi kafin ka kamo zaren. Ɗaukar murya kuwa ba ta jure komai. Sallama ɗaya daga ƙofa, ko sautin turmi, ko kukan akuya, sai an sake. Ba a nan matsalar ta tsaya ba: in ka ɗauki rabi da safe, rabi da yamma, muryar ba ta zama ɗaya, ƙarar unguwa ma ta sauya, kuma mai saurare zai ji wurin da aka yi ɗinkin.

Abin da wannan lissafi ya koya mana shi ne, kada mu nemi iyali su ba mu yini duka. Ba za su bayar ba, kuma ba ma bukatarsa. Awa biyu da rabi muke nema, waɗanda za su ɗauki murya da mafi wuyar fassara. Sauran aikin ana yin sa ƙofa a buɗe.

Wace awa biyu da rabi? Garin ne ke zaɓa mana. Bayan asuba zakaru na cara, ana shara, ana shirya yara. Da ƙarfe takwas da rabi ƴan lakwal sun tafi, gida ya lafa. Daga sha ɗaya kuma, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuwa dole a kashe ta in ana ɗaukar murya, domin makirfo yana kwasar ƙararta. Saboda haka daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya ne zaurenmu. Da dare ake cajin na'ura da batir, don kada ɗaukewar wuta ta ci wannan ɗan lokaci. Idan za mu gaya wa tsofaffi kuwa, ba ma kiran agogo. Cewa muke “daga fitar yara zuwa ɗora tukunyar rana”. Wannan kowa na gida yana ganinsa da idonsa.

Yanzu ku koma ga aiken kasuwa. Zuwa Kasuwar Dole da dawowa, da gaishe-gaishen hanya, awa ɗaya ce ko fiye. Jika 5 ta tafi. Amma asarar ta fi haka, domin kafin ka dawo rana ta take, shirun ya wuce, ɗaukar murya ta koma gobe, kuma wanda ya ba ka aikin yana ƙirga ranaku. Alhali da ka ba wani ƙane jika ɗaya ya hau kabu-kabu ya je ya dawo har da ɗan abin shan ruwa, da an yi aiken, aikin ma bai tsaya ba. Shi ya sa muke ware kuɗin aike a cikin kowane aiki da muka karɓa, kamar yadda muke ware na katin waya.

Sai yadda ake faɗa, wanda ya fi lissafin wuya. Ba a kafa wannan doka lokacin da aka aike ka. In Baba ya ce “tashi ka je” ka ce “ina aiki”, abin da kunnensa ya ji shi ne ƙin aike, kuma ranar ba za a yi maganar awa ba, maganar tarbiyya za a yi. Ana bari sai bayan isha'i, an ci abinci, hankali ya kwanta, a fara da babban gida shi kaɗai. Kamar haka: “Baba, aikin nan da nake yi a ɗaki, shi ne ke kawo kuɗin wuta da na ruwa. Ina neman alfarma, daga fitar yara zuwa ɗora tukunya a ɗauka na tafi biro. Duk aiken da ya taso a ajiye mini, bayan azahar ina kansa.” In nauyin baki ya hana, a nemi kawu ko gwaggo su isar. Idan babba ya amince, shi zai sanar da gida, kuma dokar ta zama tasa. Ba mai taka ta.

Bayan magana sai alama. Wasunmu suna sakin labule, wasu suna ajiye kujera a bakin ƙofa, wasu ma suna sa tufafin fita kafin su shiga ɗakin. Waya a sa ta a “mode avion”. Sannan a sami mai amsa baƙi, domin a Damagaram ba a barin mai sallama tsaye. A ba shi ruwa, a ce masa “yana kan aiki, zai same ka bayan la'asar”. Ba a cewa “ba ya nan”. Ƙarya ce, yara suna ji, kuma ranar da baƙo ya hango takalminka zumunci ya sami tabo.

Akwai abubuwan da ke buɗe ƙofar ko ana tsakiyar jimla, kuma gara a faɗe su tun farko: rashin lafiya, rasuwa, da babban baƙo daga nesa, kamar dattijon da ya taso daga Mirya ko Magarya. Suna kuwa ana sanin ranarsa mako guda kafin ya zo, ɗaurin aure ma ana sanarwa, don haka ana iya matsar da aiki saboda su. Jana'iza ce ba ta ba da sanarwa. Maganinta shi ne rana ɗaya ta ajiya: in aiki zai ƙare Laraba, mu ce wa mai shi Alhamis. Makon da Allah ya sa ba a yi rashi ba, sai ya karɓi kayansa da wuri ya yi murna.

Wannan yarjejeniya fuska biyu gare ta. Wanda ya ce a ajiye masa aike zuwa bayan azahar, to bayan azahar ya tashi ya yi shi. Kuma masu ba mu aiki su ma suna bukatar iyaka, domin wasu suna turo saƙon WhatsApp da sha ɗayan dare suna jiran amsa. Dokar aiki ta Nijar ta sa wa ma'aikaci awa 40 a mako, amma mai zaman kansa ba wanda zai ƙirga masa sai shi. Muna gaya musu tun ranar ciniki cewa saƙon da ya zo bayan magariba, da safe ake amsa shi. In iyali suka ga labule a sake da hantsi, a sake kuma da dare, sai alamar ta mutu. Za ku gane ta mutu ranar da yara suka fara shigowa ba sallama, ko aka daina ajiye aike aka koma kwala kira daga tsakar gida.

Ƴan uwanmu mata sun fi mu ɗanɗana wannan, domin hantsin da muke ɓoyewa shi ne lokacin wanke-wanke da ɗora girki, ga jiran mai ga-ruwa a unguwannin da famfo ke daɗewa bai kawo ba. Waɗanda suka ci nasara a cikinsu da maigida suka fara magana, suka ajiye lissafin a gabansa, sannan suka ɗauki mai taya su aiki na waɗannan awoyi daga cikin kuɗin sana'ar. Wanda kuma yake gidan haya mai ɗaki ɗaya da maƙwabta goma, kada ya wahalar da iyalinsa da neman shirun da ba su da ikon bayarwa. Ya yi fassara da gyara a gida, ya tara ɗaukar murya ta mako ya yi ta rana ɗaya a ɗakin wani aboki.

Masu sana'a a gida, ku gaya mana wane lokaci ne naku, kuma wa ya tsaya muku a gida har aka saba. Allah ya sa albarka a nema, ya bar zumunci.