Takardar da yaranmu suka kawo mana daga makaranta

Makon jiya yaranmu da ke aji ɗaya na babbar sakandare suka dawo gida da takarda daga shugaban sashen kimiyya, yana sanar da mu cewa daga wannan zangon za a riƙa koyar da wani ɓangare na darasin Fiziks da Hausa. Gaskiya da farko ranmu bai so ba. Mu mazauna Sabo a nan Ibadan, da gumin goshi muke biyan kuɗin makaranta, kuma mun san da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Muka ce anya ba baya za a mayar mana da yara ba?

Da muka zauna bayan Isha'i muka karanta takardar a tsanake, sai muka ga malamin ya riga ya hango wannan fargabar tamu. Ya ce cikin minti 40 na darasi, 15 na farko ne kawai za a yi da Hausa, lokacin da ake bayanin sabon abu. Lissafi da rubutu a littafi da aikin gida da gwaji duk da Turanci za su ci gaba.

Dalilinsa kuma da misali ya kawo shi. Ya tambayi ajin: an ɗora tukunya biyu a wuta iri ɗaya, ɗaya da ruwa lita 1, ɗaya da lita 5, dukansu suka tafasa; wacce ta fi zafi? Yawancin yaran suka ce babbar. Alhali kusan dukansu sun haddace ma'anar da ke littafi, suna karanto ta da Turanci ba gargada.

Amsar ita ce idan ka tsoma ma'aunin zafi a kowacce, wajen digiri 100 zai nuna. Bambancin yana wurin yawan zafin da kowacce ta sha kafin ta kai nan. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne, kuma yana bukatar wajen jul 4,200 kafin ya hau digiri ɗaya. Daga digiri 30 zuwa 100 hawa 70 ke nan, wato jul 294,000. Babbar tukunya sai ta sha ninki biyar na wannan, shi ya sa take daɗewa kuma ta fi cin gas. Malamin ya ce da ya faɗi haka da Hausa, wata yarinya ta ce ai ta san wannan tun a madafin gidansu. Ilimin yana kanta, ba ta dai taɓa haɗa shi da abin da ta haddace ba.

Abin da ya ƙara kwantar mana da hankali shi ne bai ɓoye inda Hausar ke da tarko ba. Turanci yana da kalma ɗaya ta yawan zafin da ya shiga abu, da wata daban ta matakin da ma'auni ke nunawa. Mu kuwa duka "zafi" muke cewa. Don haka a aji sun tsayar da "yawan zafi" da "matakin zafi", kuma kowacce ana rubuta ta a allo kusa da takwararta ta Turanci, don yaro ya gane ta idan ya gamu da ita a jarrabawa.

Takardar ta kuma tuna mana cewa abin ba baƙo ba ne a wannan yankin. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yaran firamare har shekara shida da Yarabanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Sai dai malamin ya yarda cewa wancan firamare ne, nasa kuwa sakandare, shi ya sa ya tsaya a minti 15.

Akwai tambaya ɗaya da takardar ba ta amsa ba, kuma za mu kai ta taron iyaye da malamai. Wasu yaranmu da aka haifa a nan sun fi sakin baki da Yarabanci ko Buroka. Yaya za a yi da su, da kuma 'ya'yan maƙwabtanmu da ba sa jin Hausa sam?

Kafin nan, malamin ya ba mu hanyar dubawa a gida, ko da mutum bai yi boko ba. Ka ce wa yaro ya bayyana maka darasin yau da Hausa, sannan ya rubuta shi da Turanci ba tare da duba littafi ba. Idan ya rubuta amma ya kasa bayyanawa, hadda ce kawai. Idan ya bayyana amma ya kasa rubutawa, Turancin ne ke bukatar gyara, sai a sanar da malamin da wuri. Mun gwada da tambayar tukunya, kuma wasunmu iyaye ma babbar muka zaɓa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.