Minti uku a bikin aminiyata

Ni da aminiyata mun haɗu ne a aji ɗaya na firamare a Maradi, kan benci guda, muna ƴan shekara bakwai. Shekara ashirin da huɗu bayan nan aka sa ranar aurenta da wani Bazabarme ɗan Dosso mai aiki a Yamai. Saura mako uku ta kira ni ta ce: "Ƙawa, ke za ki yi magana a wajen walima, a matsayin babbar ƙawa." Na ce to, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni malamar lakwal ce, kullum ina tsaye gaban yara sittin, don haka ba taron ne ya ba ni tsoro ba. A al'adarmu ƙawar amarya aikinta lalle, rakiya, da tsare bakin amarya har abokan ango su zo sayen baki. Wannan jawabi na babbar ƙawa daga bukukuwan Turawa ya zo mana, inda ake tashi a ba da labarin amarya a gaban kowa, har da barkwanci a kanta. Mu kuwa a zauren akwai iyaye da surukai, kuma akwai kunya. Abin da ya fi damuna shi ne, a cikin raina ban gama yarda da mutumin da zai ɗauke mini ita zuwa gari mai nisan fiye da kilomita 600 ba.

Rubutun farko ya cika shafi uku. Na karanta shi da ƙarfi ina duba agogon waya, ya ci minti bakwai. Na jera takardun shaidarta tun daga firamare har jami'a, na sa labarin wani saurayi da muka taɓa kora da dabara, na rufe da gargaɗi ga ango cewa in ya ɓata mata rai zai gamu da ni. Na kai wa Innata, wadda ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "Ɗiyata, wannan takardar neman aiki ce kika rubuta mata, kika haɗa da sammaci. Uwar mijin tana zaune tana jin ki. Duk abin da kika faɗa, da shi za ta riƙa kallon yarinyar nan har tsufa."

Maganar nan ita ta gyara mini komai. Na gane cewa ba amarya nake yi wa magana ba, domin ta riga ta san ina ƙaunarta. Dangin mijinta nake gabatar wa ita, mutanen da ba su san ta ba sai cikin lulluɓi. Na soke labarin saurayin, domin ba a kiran tsohon manemi a gaban sabon miji ko da wasa. Na soke gargaɗin, domin ba a tarbar baƙo da sanda. Na kuma kafa wa kaina doka: in labari yana da abin kunya a ciki, to kunyar ta faɗo kaina, ba kanta ba.

Da wannan doka na zaɓi labari guda. Muna aji huɗu mahaifina ya rasu, aka koma lakwal ba ni da littafin rubutu. Ita kuwa an sayo mata sabo. Sai ta buɗe shi ta tsakiya, ta cire rabin takardun, ta ɗinke mini su da zare da allura. Mushe ya ga littafinta ya rame, ya tambaye ta ina sauran, ta yi shiru, ta sha horo ba ta kira sunana ba. A cikin rubutun farko na ce tana da kirki, da haƙuri, da riƙon amana. A na biyu ban faɗi ko ɗaya daga cikin kalmomin nan ba, na bar labarin ya faɗe su.

Ɓangaren ango ya fi ba ni wuya. In na ce mutumin kirki ne alhali sau huɗu kawai na taɓa ganin sa, kowa zai ji cewa yabon biki ne. Sai na tambayi kaina me na gani da idona. Na tuna lokacin da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti a Yamai. Na fito da dare neman ruwa, na tarar da shi zaune kan tabarma a waje tare da ƙannenta, da ledar magani a hannu, bai ma aika a gaya mata ya zo ba. Da na rubuta wannan sai na ji wani ƙulli ya kwance a ƙirjina. Amma tun da rashin lafiyar ba tawa ba ce, sai da na je na nemi izinin mahaifiyarta kafin in sa shi.

Na bar wasa guda ɗaya tak. Aminiyata Bagobira ce, shi Bazabarme, kuma tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar. Wannan wasa iyayenmu sun san shi, ba ya ɓata wa kowa rai. Duk da haka na gwada shi a kan ƙanwar ango tukuna, na kuma sa ta koya mini yadda ake cewa sannu da zuwa da Zabarmanci. Da na sake dubawa da agogo, jawabin ya tsaya a minti uku: gaisuwa, labarin littafi, ango, addu'a.

Ranar walima na karɓi makirufo hannuna na rawa. Na gaida iyaye, na ba da labarin. Da na zo wajen zare da allura murya ta ƙi fita, na yi shiru na ɗan lokaci, babu wanda ya matsa mini. Sannan na juya wajen ango na ce: "Ango, yau Gobirawa sun yi wa Zabarmawa kyautar da ba za su iya biya ba." Zaure ya ɗauki dariya, wani tsoho daga danginsa ya ɗaga murya ya ce ai taimakon Gobirawa suka yi. Na ba da labarin tabarmar asibiti, na ce: "Wadda ta raba littafinta biyu saboda ni, yau za ta raba rayuwarta da kai. Ban ba ka ita da baƙin ciki ba, domin na ga inda ka zauna lokacin da babu mai kallon ka. Kubayni, sannu da zuwa cikinmu." Na rufe da roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ban tsira daga kuskure ba. Wajen gaisuwa na ambaci iyayen amarya da iyayen ango, na manta da gwaggonninsa, waɗanda suka taso tun daga Dosso, kuma su ne za su karɓi amarya. Ƙanwarsa ce ta raɗa mini bayan na zauna. Washegari da safe na je masaukinsu na durƙusa na ba da haƙuri. Babbarsu ta ce: "Ɗiyar nan, mun ji labarin littafi, ya isa." Duk wadda aka ba wannan aiki, ta zauna da wani daga dangin ango ta rubuta jerin waɗanda za a gaida, domin gaisuwa guda da aka tsallake tana iya shafe duk abin da ya biyo baya.

Yanzu ba na kiran ta tsakar dare kamar da, ina jira sai rana ta fito. Kwanan baya na kira, shi ya ɗauka, ya ce: "Babbar ƙawa, ina gajiya? Ga ta nan zuwa." A farkon shekarar karatun nan ya aiko wa ajina littattafan rubutu kwali guda, bai haɗo da wata takarda ba.