Gwarzon Wata da Baba Mai Tukunya

Duk wanda ya gama shekarar farko ta difiloma a makarantar nan ya san zafin neman wajen SIWES. Wata huɗu ne kacal, amma kafin ka samu inda za a karɓe ka sai takalminka ya siɗe. Ni dai Allah ya haɗa ni da wani ɗan ƙaramin kamfanin casar shinkafa a nan yankin Kazaure. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutanen sun yi mini halacci, kuma laifin da zan ba da labarinsa har da hannuna a ciki.

Ma'aikata goma sha huɗu ne, galibi 'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ana jiƙa shanshera, a turara ta a tukunya, a shanya a kan siminti, sannan a kai ta inji a cashe, a cire tsakuwa, a auna a ɗinke buhu. Ni aka ba littafin shige da fice: buhu nawa ya shigo, kilo nawa ya fito, nawa ne tsayayya, nawa ne karyayya.

A satina na biyu Manaja ya zo da wani tsari da ya kira Gwarzon Wata. Kamfanin ba shi da halin ƙarin albashi, don haka ya ce kowane ƙarshen wata za a zaɓi mutum ɗaya a ba shi katin waya na ₦2,000 da tiya biyu ta shinkafa, a liƙa hotonsa a bakin ofis. Kowa ya yi murna. Wata na farko aka ba yaron da ke kan sikeli yana hulɗa da masu saye. Gaskiya ya cancanta, ga fara'a ga zafin nama. Aka tafa masa da zuciya ɗaya. Wata na biyu shi aka sake ba, tafin ya ragu. Wata na uku da aka sake kiran sunansa, na ji wani a bayana ya ce a hankali, "To, ai mun sani, ɗan garinsu ne."

Ban yarda Manaja ya zauna ya ƙulla son kai ba. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi, shi ya sa ma ya fi haɗari. Tagar ofishinsa tana kallon sikeli. Filin shanya yana can baya, tukunya kuma tun kafin asuba ake hura mata wuta, lokacin Manaja yana gida. Abin da idonsa ya gani shi yake yabawa. Ga shi kuma sun fito gari ɗaya da yaron, suna hira, suna dawowa tare ranar Lahadi. Ko da babu mugun nufi, wa zai yarda?

A can baya akwai wani dattijo daga Gwiwa, kowa Baba yake ce masa. Shi ke kula da turarawa da shanya. Ana son danshin shinkafa ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a kai ta inji. Idan ta bushe da gaggawa cikin rana mai zafi, ƙwayar takan tsage a ciki tun tana cikin ƙaiƙayi, da ta shiga inji sai ta kakkarye. Babu na'urar auna danshi a wajen, haƙorin Baba ne na'urar. Zai ɗauki ƙwaya ya ciza, ya ce a juya, ko a tattara a rufe ta huta. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, shi yana cikin fili da manjagara. Babu wanda ya rubuta masa wannan a cikin aikinsa. Ya ɗora wa kansa ne.

Bayan wata na uku sai Baba ya daina. Bai yi faɗa ba, bai makara ba, bai ƙi umarni ba. Zai baza shinkafa da safe, ya kwashe da yamma, iyakar abin da aka ɗauke shi ya yi. Ni na fara ganin sakamakon a littafina. A kowane buhun shanshera mai kilo 100 muna samun karyayya wajen kilo 6, sai ta koma kilo 11. Muna cashe buhu 20 a rana, ke nan ƙarin kilo 100 na karyayya kullum, buhu biyu masu kilo 50. Tunda ana sayar da karyayya kusan rabin kuɗin tsayayya, kamfanin yana asarar kuɗin buhu guda a kowace rana, saboda kyautar da ba ta kai kuɗin rabin buhu ba a wata.

Manaja ya ɗora laifin a kan inji, aka kira makanike har sau biyu. Ni kuwa na yi shiru, kuma ga nawa laifin: ni ke rubuta takardar Gwarzon Wata, ni ma ina cikin 'yan gaban goshi. Kullum sai an ce "ɗan foli akwai ƙoƙari." Ina tsoron in buɗe baki a ƙi sa mini hannu a littafin SIWES.

Wata rana na samu Baba a gindin darbejiya na ce, "Baba, kwana biyu ba na ganinku da manjagara, ko jikin ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Lafiyata lau, yaro. Ba katin wayar nake so ba, wa ma zan kira? Shekara shida ban taɓa jiran wani ya ce sannu ba, don ba a ce wa kowa. Yanzu kuwa an fara cewa, kuma an nuna mini ba na cikin waɗanda ake gani."

Wannan maganar ta fi duk wata lacca zama a kaina. Kafin kyautar, rashin yabo bai dame shi ba. Kyautar ce ta kawo ma'auni, ma'aunin kuma ya ce shi ba kowa ba ne. Da na dawo makaranta, a darasin sana'o'in dogaro da kai, na ji sunan abin. Wani masani ɗan Amurka, J. Stacy Adams, ya bayyana a 1963 cewa ma'aikaci ba abin da ya samu kawai yake dubawa ba. Yana gwada wahalarsa da ladansa da na abokin aikinsa, idan ya ga an tauye shi, hanya mafi sauƙi ita ce ya rage wahalar har lissafin ya daidaita. Akwai kuma binciken da Gubler da Larkin da Pierce suka wallafa a 2016 kan wani kamfanin wanki a Amurka da ya sa kyauta don zuwa aiki kan lokaci. Masu makara sun gyara don su shiga gasar, amma waɗanda dama ba sa makara sai ƙwazonsu ya ragu. Kamar Baba suka gani suka rubuta.

Ban iya tunkarar Manaja da baki ba, sai na yi abin da na iya, wato lissafi. A watan ƙarshe na ware shafi a bayan littafina, na jera sunayen mutum goma sha huɗun. Duk sanda na ji Manaja ya yaba wa wani a gaban jama'a, ko da "madalla" ce, sai in ja layi. Cikin sati uku na samu layi 31. Mutum biyu sun kwashe 19, mutum biyar sun raba 12, mutum bakwai ko ɗaya. Duk bakwai ɗin a baya suke aiki. Na haɗa shafin da lissafin karyayya na ajiye masa a tebur, gabana yana faɗuwa.

Ya daɗe yana kallo. Da farko ya ɗaure fuska ya ce, "Kai aka turo ka koyi aiki ko ka bincike ni?" Na ba da haƙuri na fita. Washegari da azahar sai ga shi a filin shanya, ya tsaya cikin rana yana tambayar Baba yadda ake gane ta bushe. Ya ciji ƙwaya shi ma, bai gane komai ba, aka yi dariya.

Gyaran da aka yi bai ci ko kwabo ba. An raba aikin gida uku, tukunya da shanya, inji, sai awo da ciniki, kowane da ma'auninsa da aka rubuta a allo tun farkon wata. 'Yan shanya ana duba yawan karyayya, 'yan inji ana duba tsakuwa da tsayawar aiki, 'yan awo ana duba buhun da aka dawo da shi. Ba a gwada mai tukunya da mai sikeli, ana gwada kowane sashe da abin da ya yi a watan baya. An kuma ce duk wanda za a yaba wa, a faɗi takamaiman abin da ya yi. "Wane akwai ƙoƙari" kowa zai iya zarginta. "Karyayya ta sauka daga kilo 11 zuwa 7" babu mai musu.

Wani ya kawo shawarar a riƙa zagayawa kawai, kowa da watansa. Baba da kansa ya ƙi, ya ce wannan adashe ne, ba yabo ba. Ya tuna mana cewa a ƙasar Hausa manomin da ke neman a kira shi Sarkin Noma ta hanyar bikin dubu, dami dubu ake so ya tara, a ƙirga a gaban jama'a. Ba don yana gaisawa da mai gari ba. Kirari na makaɗa ne, amma damin kowa na ganinsa.

Ba zan ce komai ya warware ba. Yaron sikeli, wanda bai yi laifin komai ba, ya sha habaici har ya daina cin abinci tare da sauran. Ashe yabon son kai har wanda aka fifita yana cutarwa. Sannan a watan da albashi ya yi jinkirin kwana goma, babu wanda ya kalli allon. Wanda bai biya haƙƙi ba, kada ya fara da kyauta.

Dalilin da ya sa na rubuta wannan a mujallarmu shi ne, ƙarshen zango ya matso, ƙungiyoyinmu za su fara buga takardun karramawa. Ni ma ina cikin kwamitin wata ƙungiya. Da muka jera sunaye makon jiya, sai na ga duk masu riƙe makirfo ne. Babu yarinyar da ta bi aji aji tana tara kuɗin jinyar abokinmu, babu yaran da ke kwasar kujeru bayan kowa ya watse. Na ce a ba ni kwana biyu, na sake ware shafi a bayan littafina.

Ranar da na gama SIWES na je yi wa Baba sallama. Na same shi a tsakiyar fili da manjagara. Ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ya ce in ciza. Na ciza, na ce ta yi. Ya girgiza kai ya ce, "Da saura, ɗan boko. Sai bayan la'asar."