Takardar da ake ba ɗalibar jinya ranar sallama

Tun da na ajiye aikin jinya na dawo gida a Tudun Murtala, 'yan matan unguwa masu karatun nas kan kawo mini takardun da aka rubuta musu bayan sun gama zaman koyon aiki. Ɗaliban Kano suna zagaya manyan asibitoci, irin su Asibitin Murtala, da Asibitin Malam Aminu Kano, da na Muhammad Abdullahi Wase da muke kira Asibitin Nassarawa. A kowane ɗaki sai babbar sista ta sa musu hannu, domin Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya tana son shaidar cewa ɗaliba ta yi aiki da hannunta kafin jarrabawar samun lasisi.

Abin da ke damuna shi ne takardar da ba ta wuce layi ɗaya ba: "Tana da ladabi, tana da ƙoƙari, ta ƙara himma." Kunya da kara ne suke sa mu rubuta haka, don ba ma son ɓata wa 'yar mutane rai. Amma yarinya za ta karanta ta ninke, ba ta san me za ta gyara gobe da safe ba, sistar da za ta karɓe ta a ɗaki na gaba ma ba ta san inda za ta sa mata ido ba.

Ni a ganina, a rubuta abin da ido ya gani, da inda aka gan shi. Ga irin wadda na taɓa rubuta wa wata ɗaliba da ta yi zama a ɗakin mata masu tiyata:

"'Yata, lissafinki na ƙarin ruwa ya zauna. Da likita ya rubuta mililita 500 cikin awa 4, kin ninka 500 da ɗigo 20 na robar da muke amfani da ita, kin raba da minti 240, kin samu ɗigo 42 a minti. Kin kuma dawo bayan rabin awa kin sake ƙirgawa, kin tarar ruwan ya rage gudu saboda mara lafiya ta lanƙwashe hannu, kin gyara. Ki riƙe wannan dawowar. Inda ban gamsu ba shi ne awon numfashi. A katin matar da aka yi wa aiki a ciki kin rubuta 20, da na ƙirga a gabanki muka samu 28. Daga yau ki ƙirga minti guda cur da agogo. Abin da ya haura 20 ko ya gaza 12 ga babban mutum, ki faɗa wa sista nan take. Na roƙi sistar ɗaki na gaba ta ƙirga tare da ke a makonki na farko."

Me ya sa na tsaya a kan numfashi? Domin shi ne awon da aka fi yi wa ƙiyasi, tunda ba na'ura ke bayar da shi ba kamar hawan jini. Alhali sau da yawa shi yake fara sauyawa idan mara lafiya na zubar da jini ta ciki ko cuta ta shiga jininta, tun hawan jini bai faɗi ba. Ana gane ƙiyasi daga katin kansa: ka ga 20, 20, 20 jere safe da yamma, bugun zuciya kuwa yana hawa yana sauka. Dabarar da na nuna mata tsohuwa ce. Bayan kin gama ƙirga bugun jini, kada ki ɗage yatsunki daga wuyan hannu, ki mayar da ido kan ƙirji, domin mutum in ya san ana kallon numfashinsa sai ya sauya shi.

Yabon da ke takardar ba zuma ba ce da aka shafa don a haɗiye magani. Gaskiya ce ita ma, kuma sai ɗaliba ta san ainihin abin da ta yi daidai sannan za ta iya maimaita shi. Haka nan ban rubuta "tana da sakaci" ba. Wannan hukunci ne a kan hali, zai bi ta har makaranta, kuma ba ya koya mata komai.

Gyaran ma ba a tara shi. Ta kan yi nawa wajen gyaran gado, amma na bar wannan a baki, saboda takarda mai gyara goma tana binne wanda ya shafi rai.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassauci a kansa: kada ɗaliba ta fara jin laifinta ranar sallama. Maganar numfashin nan na yi mata ita a ranar da abin ya faru, a ofis, ba a gaban marasa lafiya da masu jinyarsu ba. Ranar ƙarshe kuma na zaunar da ita ta karanta a gabana, na tambaye ta ko akwai abin da ba ta yarda da shi ba. Ta ce da dare gadajen sun yi mata yawa, shi ya sa take gaggawa. Na ƙara wannan a ƙasan takardar, tare da shawarar ta fara awo da waɗanda suka fito daga tiyata a ranar, sannan muka sa hannu mu biyu.