Wa ya zagi wa, wa aka kashe?

Akwai kuskuren da jan biro ba ya saurin kamawa a cikin kayen yara. Haruffa sun zauna daidai, ƙ da ɗ duk suna da lanƙwasarsu, aya tana inda ya kamata, amma in ka tsaya ka tambayi kanka wa ya yi wa wa me, sai ka rasa amsa. Masu nahawu suna kiran ƙananan kalmomin da ke jawo wannan ruɗani wakilan suna: shi, ita, su, ya, ta, sun, da ƴan uwansu irin su wannan da hakan. Tun da na fito makarantar horon malamai nake fama da su, kuma shekarun da na yi ina koyarwa a nan Kara-Kara sun nuna mini cewa abin ya wuce maki a jarrabawa.

Bari in fara da darasin tarihi, don can ne aka fi ganin abin ƙarara. Ƴan aji shida sun ji labarin Kyaftin Kazmaju, Bafaranshen da aka kashe a Zinder a watan Mayu na 1898, zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Dalilin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne sarki ya yi zargin Baturen zai wuce gabas ya ƙulla abota da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno. Na ce su rubuta labarin da Hausa. Wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta haka:

"Sarki ya ji labari Kazmaju zai je wurin Rabe. Sai ya ji tsoro zai haɗa kai da shi ya yaƙe shi. Don haka ya sa aka kashe shi."

Yaron ya san labarin sarai. Amma ku dubi jimla ta biyu da ta uku. Maza uku ne a fage, sarki da Kazmaju da Rabe, kuma a cikin jimlolin nan biyu akwai wurare bakwai da aka ce ya, ko zai, ko shi, ba a sake kiran sunan kowa ba. Na kwafe rubutun a allo a wani aji da bai yi darasin ba tukuna, na tambaya: wa aka kashe? Hannuwa da yawa suka tashi a kan Rabe, don shi ne sunan ƙarshe da idonsu ya gani. Ga shi kuwa Rabe bai mutu ba sai a 1900, a Kusuri, a hannun Faransawa. Ƙaramar kalma guda ta rage wa mutum shekara biyu, ta kuma canza wanda ya kashe shi.

Ga yadda muke farautar irin wannan a aji, kuma uba ko uwa da ta iya karatu za ta iya yi a gida. Da farko yaro ya ɗauki fensir ya kewaye kowane ya, ta, sun, suka, shi, ita, su, har da -nsa da -nta da ke maƙale a ƙarshen suna. Sannan daga kowane da'ira ya ja kibiya zuwa sunan da yake nufi. Aikin na uku shi ne mai muhimmanci: ya koma baya jimla biyu ya ƙidaya sunaye nawa ne suka dace da wannan da'irar. In "shi" ne, maza nawa aka ambata? In "su" ne, ƙungiya nawa? Idan amsa ɗaya ce, a wuce. Idan biyu ce ko fiye, a sa alamar tambaya a gefe. Shi mai rubutu kullum ya san inda kibiyarsa za ta faɗa, shi ya sa nake sa su musanya kaye da wanda bai san labarin ba, kowa ya ja kibiyoyin ɗan uwansa. Inda kibiyar mai karatu ta saɓa da ta mai rubutu, nan ciwon yake.

Da muka gama, rubutun yaron ya koma haka: "Sarki Amadu ya ji labari Kazmaju zai je wurin Rabe. Sarkin ya ji tsoron kada Baturen ya haɗa kai da Rabe su yaƙi Damagaram. Don haka ya sa aka kashe Kazmaju." Ku lura ba mu kori wakilan suna duka ba. "Ya sa" na jimlar ƙarshe yana nan, don sarki ne ke riƙe da zance tun daga farko, kuma ba a zaton wanda aka kashe shi ya ba da umarni. Na faɗi haka ne don wasu malamai, da zarar sun gano matsalar, sai su sa yara maimaita suna a kowace jimla, rubutu ya koma kamar kiran sunaye da safe. Suna ɗaya a wurin da hanya ta rabu biyu ya isa, kuma ana iya sauya shi da laƙabi, kamar sarkin ko Baturen.

Hausa tana da tarkonta na kanta a nan. Kowane abu a harshenmu namiji ne ko mace, ko da dutse ne ko ƙwarya, saboda haka mutum da kaya suna raba wakili guda. "Inna ta miƙa wa yarinya ƙwarya, sai ta faɗi." Innar ce ta faɗi, ko yarinyar, ko ƙwaryar? Wani lokaci aikatau ne ke ceton mu, don da an ce "ta fashe" ba mai tambaya. Shi ya sa nake cewa yara, bayan sun ƙidaya sunaye, su gwada kowane ɗaya da aikin da ke biye. In duk za su iya yin aikin, to sai an kira suna.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, domin bakinmu yana rarrabe abin da bokonmu ba ya rubutawa. Ɗauki wannan: "Malam ya ce wa ɗalibi ya biya kuɗin." In ka ja wasalin "ya" na biyu, an riga an biya, kuma mai yiwuwa malam ne ya biya. In ka gajarta shi ka sauke murya, umarni ne, ɗalibi ake jira ya kawo kuɗi. A takarda harafi biyu ne kawai, y da a. Mutanen Maradi da Sakkwato sun ɗan huta a baki, don sukan ce "shi biya" wurin umarni, amma daidaitacciyar Hausa da muke koyarwa ba ta ba mu wannan. Don haka idan yaro ya karanta rubutunsa da ƙarfi, ba zai ji kuskuren ba, muryarsa za ta gyara masa ba tare da ya sani ba. Dole wani ya karanta. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: "shi malam ya riga ya biya," ko "lalle ɗalibin ya kawo kuɗin."

To, ga inda abin ya daina zama wasan allo. Kowa a Zinder ya san irin kallon da ake yi wa unguwarmu. An san ta tun asali a matsayin wurin da aka keɓe masu cutar kuturta, daga baya kuma sunanta ya haɗu da ƙungiyoyin samari da ake kira pale, har fim ɗin Aisha Maki na 2021 ya kai labarin ƙasashen waje. Yaranmu suna ɗauke da wannan suna a ka tun kafin su buɗe baki. Wata rana bayan wasan ƙwallo aka yi faɗa, wani babban ɗalibi da aka ɗora wa kula da yara ya rubuta rahoto:

"Yaran Kara-Kara da yaran ɗaya makarantar sun haɗu a bakin famfo. Sun zage su, suka ɗauki duwatsu, aka fasa wa ɗaya kai. Wannan ne ya sa muka kai su ofis."

Duk babban da ya karanta takardar nan kafin ta iso hannuna ya fahimce ta iri ɗaya: namu suka yi zagi, namu suka yi jifa, an fasa kan ɗan mutane. Takardar kuwa ba ta faɗi ko ɗaya daga ciki ba. Ƙungiya biyu ce, "sun" da "su" da "suka" kowanne zai iya zama kowace. Wurin da mai rubutu ya bari a buɗe, mai karatu ya cike shi da abin da ya riga ya yarda da shi. Na zaunar da mai rahoton na yi masa tambaya huɗu, kowace a kan kalma guda. Su wa suka yi zagi? Ƴan ɗaya makarantar. Su wa suka ɗauki duwatsu? Namu ne suka fara, sannan kowa ya ɗauka. Kan wa aka fasa? Na wani yaronmu. Su wa aka kai ofis? Duka. Namu ba su fita tsaf ba, kuma an hukunta waɗanda suka fara jifa. Amma da an tafi a kan karatun farko, da yaron da ke zaune da bandeji a ka yana cikin waɗanda za a kora gida.

Ku kuma dubi "wannan" da ke jimlar ƙarshe. Zagin ne ya sa aka kai su ofis, ko jifan, ko raunin? Wannan da hakan sun fi shi da ita santsi, don ba suna guda suke wakilta ba, sukan haɗiye jimla sukutum, wani lokaci sakin layi gaba ɗaya. Kibiya ba ta da inda za ta sauka. Dokata a aji ita ce kada "wannan" ya tsaya shi kaɗai a farkon jimla, sai an ba shi abokin tafiya: wannan zagi, wannan rauni, wannan faɗa. Sau da yawa yaro yakan yi shiru in na ce ya sa sunan, sai in gane shi ma bai yanke shawarar abin da yake nufi ba.

Iyaye, ku ma kuna da naku kason, kuma na san dalilinku. Kunya ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta hana mace kiran sunan maigida, girmamawa kuma ta sa mukan ce "Malam sun ce" alhali mutum ɗaya ne. A tsakar gida duk wannan ba ya ɓatar da kowa, don ana nuni da haɓa, ana ganin fuska. Amma takan faru a aiko mini da ƴar takarda ko saƙon waya: "Mushe, a bar shi ya dawo gida da ƙarfe goma, za su kai shi asibiti." Gidan nan ƴaƴa maza uku gare su a lakwal ɗinmu. Ba na neman kowa ya karya al'adarsa. A rubuta "babban" ko "na aji huɗu," ko a sa ƙanensa ya rubuta sunan a ƙasan takardar, don in san ajin da zan leƙa kafin ƙarfe goma ta yi.