Da zan koma 1972 in gargaɗi Kaka

Daren jiya a fadarmu, nan Gure, shayi ya kai na uku ba mu tashi ba, saboda wata magana da ƙanena ya jefo. Ya gama kallon fim a salularsa, irin waɗanda ake shiga na'ura a koma zamanin da ya wuce, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, da za a ba ka wannan na'ura, ina za ka?" Ban tsaya tunani ba na ce 1972 zan koma, ƙauyenmu da ke arewa da gari, in sami Kaka in ce ya sayar da shanunsa tun suna da tsoka, ya cika rumbuna da hatsi, don farin 1973 na tafe. Duk wanda ya tashi gidanmu ya san labarin. Garke guda ya ƙare a kan idonsa, ya kwaso iyali ya shigo Gure da tabarmi da ƙwarya, kuma har ya rasu igiyar ɗaurin maruƙansa tana rataye a ɗakinsa.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To ai da ba a haife ka ba, Yaya."

Gaskiyarsa. In Kaka bai yi asara ba, ba zai baro ƙauye ba. In bai shigo Gure ba, babanmu ba zai tashi unguwa ɗaya da innarmu ba, balle a yi aure a haife ni. In kuwa babu ni, wa ya je ya gargaɗe shi? Ba kowa. Ke nan shanu sun mutu, an yi hijira, an haife ni, na shiga na'ura, na gargaɗe shi, ba a haife ni ba. Tufka da warwara ke nan da ba ta da ƙarshe, ita ce masu ƙagaggun labaran kimiyya suke kira ƙullin kaka. Su dai yawanci kashe kakan suke sa jikan ya yi. Marubucin Faransa René Barjavel, a littafinsa Le Voyageur imprudent na 1944, ya tura jaruminsa yaƙin Toulon na 1793 don ya harbe Napoléon, sai harsashi ya sami wani soja wanda ashe kakan kakanninsa ne, tun bai haihu ba. Amma kun ga ba sai an zub da jini ba. Kyakkyawar niyya ma tana ƙulla shi.

Ku lura, tafiya gaba ba ta da wannan matsala. Mu da muka tashi da ƙissar Ashabul Kahfi mun san haka: sun kwanta, shekara 309 ta wuce, suka farka suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Duniya ta sāke musu, amma babu abin da ya ci karo da wani, don dalili yana gaba, sakamako yana biye. Kimiyya ma ta tabbatar agogo ba sa tafiya daidai a ko'ina: na taurarin GPS suna riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, dole ake gyarawa. Komawa baya ita ce fitina, don tana ba jika damar taɓa tushen da ya tsiro daga gare shi.

Abin da na fahimta bayan shekaru ina kallo da karatu shi ne, ƙullin ba daga na'ura yake fitowa ba, daga dokar da marubuci ya kafa yake fitowa. Da zarar ya ce zamani hanya ɗaya ce tak, kuma ya ce ana iya sāke abin da ya wuce, ya haɗa abu biyu da ba sa zama inuwa guda. Duk dabarun da ake yi, sadaukar da ɗayansu ne.

Wasu sukan ce hanya ɗaya ce, kuma ba ta sākuwa. A wannan doka zan iya zuwa 1972, amma zuwan nawa tun asali yana cikin abin da ya faru. Na isa ƙauye, baƙo da tufafin da ba a saba gani ba, da takardun kuɗin da ba wanda ya taɓa gani a kasuwa, ina cewa mutum ya rabu da dukiyarsa. Kaka ya ɗauke ni dillalin da ke son karya masa farashi. Wataƙila ma da ya yi niyyar rage bijimai biyar, jin maganata ya sa ya fasa. Gargaɗin nawa shi ya ƙarasa garken. Kunnen Bahaushe bai baƙunci irin wannan ba: malamai suna faɗa mana a tafsiri cewa Fir'auna ya sa ana yanka ƴaƴa maza don tsoron yaro guda, wannan yankan kuwa shi ya sa aka jefa Annabi Musa, alaihis salam, a kogi, har ya tashi a gidan Fir'aunan. Fim ɗin The Terminator na 1984 a kan wannan doka aka gina shi. Na'urori sun turo makashi daga 2029 ya kashe Sarah Connor kafin ta haifi John, John ya turo Kyle Reese ya kare ta, Kyle ɗin ya zama uban John. Da ba su yi yunƙurin hana haihuwarsa ba, da ba a haife shi ba.

Wannan hanya ce masana lissafin sararin samaniya suka fi ɗauka da gaske. Igor Novikov na Rasha ya ce abin da zai haifar da cin karo ba zai taɓa faruwa ba sam. Aka gwada maganar da ƙwallon sunuka, don ƙwallo ba ta da son rai. Joseph Polchinski ya ce a ɗauka akwai rami mai baki biyu, ƙwallo ta faɗa wannan baki ta fito ta wancan daƙiƙa kaɗan kafin ta faɗa, ta bangaje kanta ta hana kanta shiga. Kip Thorne da ɗalibansa biyu suka zauna suka yi lissafi, suka buga sakamakon a 1991. Sun samu cewa ƙwallon tana iya fitowa a ɗan karkace, ta goge kanta ta baya kaɗan kawai. Gugar ta sa ta shiga ramin a ɗan karkace, shi ya sa ta fito a ɗan karkace. Komai ya zauna daram. Farashin wannan doka a labari shi ne jarumi ba ya iya ceton kowa, kuma in marubuci bai ƙware ba, sai ka ga bindiga tana ƙin tashi sau uku ba dalili. Nan za ka gane hannun marubuci ne ke riƙe da kunamar.

Wasu kuma sukan ce a sāke, amma hanya ta rabu biyu kamar reshen dabino da ya tsiro gefen uwa. Na isa 1972, Kaka ya yarda, ya sayar, ya tsira da dukiyarsa. A wannan sabon reshe ba za a haife ni ba, kuma ba komai, don ni daga tsohon reshe na zo, inda shanu suka riga suka mutu. Masu rubutu sun aro wannan daga ra'ayin Hugh Everett na 1957 game da duniyoyi masu yawa, wanda David Deutsch ya ɗora a kan tafiyar zamani a 1991. Ƙulli ya warware sarai. Sai dai ni nan ne zuciyata take karaya, don dattijon da na ceta ba shi ne wanda ya goya ni ba. Nawa yana nan a tsohon reshe, da igiyarsa a rataye. Avengers: Endgame na 2019 ya kafa wannan doka da bakin jarumansa, sannan a ƙarshe ya nuna Steve Rogers ya tsufa yana zaune a benci cikin asalin zamaninsu, bayan ya koma baya ya yi aure. Ta ina ya dawo? Daraktocin fim ɗin sun ce a wani reshe ya rayu, marubutansa sun ce a wannan dai ya rayu.

Ta uku ita ta fi daɗin kallo, ita kuma ta fi rauni: hanya ɗaya, ana gogewa ana sāke rubutu kamar allo. A Back to the Future na 1985, Marty ya koma 1955 ya ɓata haɗuwar iyayensa, sai hoton da ke aljihunsa ya fara dusashewa, wansa ya fara ɓacewa, sannan yayarsa, daga baya hannunsa shi kansa. Ido yana son wannan, amma tambayi kanka: in ba a haifi yaran ba, wa ya ɗauki hoton fili babu kowa? Kuma me ya sa gogewar ta jira shi mako guda? Jinkirin nan na mai kallo ne, don a ba jarumi damar gyara.

Akwai wani ƙulli da ya fi na kaka ɓoyuwa, don ba ya cin karo da komai, asali kawai ya rasa. A ce cikin akwatin Kaka na tsinci wasiƙar ajami mai gargaɗin fari, na ɗauka na kai masa a 1972, ya ƙi yarda ya jefa akwati, bayan shekara 50 na tsinta. Wa ya rubuta ta? Robert Heinlein ya yi wasa da wannan tun 1941 a By His Bootstraps, inda wani littafin rubutu yake zagayawa haka. Ga yadda ake kama kuskure a nan. In takardar ce da kanta take zagaye, ba zai yiwu ba: wadda na kai ta girmi wadda ya karɓa da shekara 50, ta yi ja, gefenta ya ci, alhali dole su zama abu guda. Heinlein ya lura da haka, ya sa jaruminsa ya kwafe littafin a sabuwar takarda da ya tsufa. Takarda ta sami asali, tawada ta sami asali, amma kalmomin har yanzu ba wanda ya ƙago su.

Shi ya sa in ina kallon irin waɗannan finafinai, abu biyu nake bi. Wa yake tuna tsohon zamani, kuma da wane dalili? Sannan dokar da aka kafa a farko, ita ce a ƙarshe? Terminator na biyu, a 1991, ya ce ana iya hana yaƙin na'urori da mutane, alhali na farko ya ginu a kan ba a iyawa. In an hana yaƙin, wa zai turo Kyle, kuma John ɗan wa ke nan?

Da muka tashi, ƙanena ya ce shi zai rubuta labarin da Hausa, kuma doka ta farko zai ɗauka. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya tuna innarmu ta taɓa faɗin wani baƙo da ya kwana ƙauye kafin fari, yana ta kallon Kaka yana hawaye, da asuba aka nema aka rasa. Ban taɓa jin wannan ba, kuma na san fataken hanya da yawa sun kwana gidan. Yau da La'asar za mu je mu tambaye ta kamanninsa.